Takardar miƙa aiki a kan modul ɗin da ban gama bitarsa ba

Hadiza:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawararku kafin Juma'a. An mayar da ni wani sashe daga ranar Litinin, alhali akwai bitar kod da na fara ban ƙarasa ba. Modul ne na Python da ke karanta fayil ɗin CSV na biyan kuɗi da ake turo mana kowane dare, ya zuba layukan a PostgreSQL. Canjin ya taɓa fayil 14. Na karanta 6 ciki da bai, na leƙa 2 sama-sama, sauran 6 ko buɗe su ban yi ba. Wani abokin aikina ne zai ɗora daga inda na tsaya, kuma bai taɓa shiga wannan kod ɗin ba. Ga abin da na rubuta masa:

"Na duba yawancin modul ɗin. Matsalolin da na gani: taƙaita adadin kuɗi zuwa lamba biyu bayan ɗigo ba ya fita daidai wani lokaci, biya ɗaya yana iya shiga sau biyu, akwai `except` a `loader.py` da ke haɗiye kuskure, ina kuma zargin yadda ake ajiye lokaci. Sauran ƙananan abubuwa ne."

Na karanta ta sau uku, raina bai kwanta ba, amma na kasa gane inda gizo ke saƙar. Ba na so in bar wa mutum aikin da zai fashe a hannunsa.

Malam Sani:
Wa alaikumus salam Malama Hadiza. Ranki bai kwanta ba ne saboda jimlar farko da ta ƙarshe, ba saboda matsalolin da kika lissafa ba. Kin ce mana fayil 6 cikin 14 kika karanta, a takarda kuma kin ce "yawancin". Sannan kin rufe da "sauran ƙananan abubuwa ne". Sauran me? Fayil shidan da ba ki buɗe ba, ta ina kika san abin da ke cikinsu ƙarami ne? Na san abin da kike nufi, wato sauran abubuwan da kika gani a inda kika karanta. Shi kuwa zai ɗauka kin ce sauran modul ɗin lafiya lau. Zai gyara abu huɗun nan, ya amince da canjin, a haɗe, kuma rabin kod ɗin ya wuce babu idon da ya gan shi, kowa yana zaton ɗayan ya duba.

Don haka kafin ki ambaci aibu ko ɗaya, ki fara da iyaka. Ki jera sunayen fayilolin nan 14 kashi uku: waɗanda kika karanta layi-layi, waɗanda kika leƙa, da waɗanda ba ki taɓa ba. Biyun da kika leƙa, ki faɗi abin da kika je nema a cikinsu. Idan ba za ki iya faɗa ba, ki mayar da su cikin waɗanda ba a taɓa ba, ya fi aminci.

Abu na biyu, ki rubuta a kan wane kwamit kika yi karatun. Mai kod ɗin ba zai daina aiki don kin tafi ba. Idan ya sake taɓa `loader.py` ranar Talata, maganarki ta "na karanta `loader.py`" ta zama labarin fayil ɗin da babu shi yanzu.

Hadiza:
Gaskiya ne Malam, "yawancin" ɗin nan ni ma na ji nauyinta lokacin da nake rubutawa. Ina jin kunyar a ce na kwana huɗu a kan aiki ban kai rabi ba. Zan cire ta. Game da kwamit kuwa, ai na danna `Viewed` a kan duk fayil ɗin da na gama a GitHub. Wannan bai isa ba?

Bilkisu:
Bai isa ba 'yar'uwa. Alamar `Viewed` taki ce ke kaɗai, shi idan ya buɗe shafin babu abin da zai gani an yi wa alama. Akwai ma wanda ya fi wannan cizo. Sharhin da kika rubuta a gefen layuka, kin tura shi kuwa? Idan da `Start a review` kika fara, duk sharhin yana nan da tambarin `Pending`, kuma babu mai ganinsa sai ke har sai kin danna `Submit review`. Ki duba yanzu.

Hadiza:
Innalillahi. Na duba, sharhi 9 ne a `Pending`. Tun Litinin nake mamakin shirun da mai kod ɗin ya yi mini. Ashe bai ga komai ba. Na gode Bilkisu, da haka zan tafi da su.

Malam Sani:
To kin ga. Maganar kwamit kuma, ki rubuta lambarsa a takardar, ki kuma ɗaura masa tag ki tura, domin idan mai kod ya yi `rebase` ya tura da ƙarfi, lambobin kwamit duk za su canza, wanda kika rubuta ya fita daga reshen.

```
git tag bita-hadiza a1b2c3d
git push origin bita-hadiza
git diff bita-hadiza HEAD -- importer/loader.py
```

A gurbin `a1b2c3d` ki sa lambar taki. Layi na uku shi magajinki zai riƙa gudanarwa. Idan bai fito da komai ba, karatunki yana nan daram a kan wannan fayil. Idan ya fito da layi talatin, waɗannan talatin ɗin ne zai karanta, ba fayil ɗin gaba ɗaya ba.

Aminu:
Ni matsalar farkon, ta taƙaita adadin kuɗi, na gane ta tun daga nesa. Python 3 ba ya taƙaita rabi zuwa sama kamar yadda aka koya mana a makaranta, yana kai shi ga lamba mai rabuwa biyu ce. Shi ya sa `round(2.5)` ke ba da 2, `round(3.5)` ya ba da 4. Ki rubuta masa kawai ya koma `Decimal`, magana ta ƙare. Wannan ba ta kai a ɓata mata sakin layi ba.

Hadiza:
Misalin da na gwada shi ne `round(2.675, 2)`, ya ba ni 2.67. Idan dokar da ka faɗa ce, ai 2.68 ya kamata ya fito, tunda 8 ce mai rabuwa biyu.

Malam Sani:
Daidai kika lura. Abin da Aminu ya faɗa game da `round(2.5)` gaskiya ne, amma ba shi ya kama ki ba a wannan misalin. Lambar 2.675 ba ta zama cif-cif a `float`. Abin da kwamfuta ta ajiye ya ɗan gaza, 2.67499999 da 'yan kai, saboda haka babu ma rabin da za a yi gardama a kansa, ƙasa kawai ya sauka. Dokar da Aminu ke nufi takan fito ne a lamba irin 0.125, wadda ke zama cif a `float`, inda `round(0.125, 2)` ke ba da 0.12. Cuta biyu ce mai alama ɗaya.

Kuma "ya koma `Decimal`" ba ya warkar da ko ɗaya idan an yi shi da ka. Wanda ya rubuta `Decimal(2.675)` ya kwaso gurguwar lambar ne ya zuba a sabon mazubi, sai an ba shi ita a matsayin rubutu, `Decimal("2.675")`, tun daga inda aka karanta ta a CSV. Sannan shi ma `Decimal` ɗin, idan ba a gaya masa komai ba, `ROUND_HALF_EVEN` yake bi. Wato 2.665 zai koma 2.66. Idan masu lissafin kuɗi 2.67 suke jira, sai an rubuta `ROUND_HALF_UP` da hannu.

Aminu:
Na karɓa Malam, na haɗa abu biyu wuri ɗaya. Amma har yanzu ina ganin ƙaramar matsala ce idan aka kwatanta da sauran.

Malam Sani:
A girman adadi ƙarama ce. Sai dai akwai tambayar da ba ta Hadiza ba ce, ba kuma ta magajinta ba: wace doka masu lissafi suke so a bi? Wannan shi ne abin da ya kamata takardar ta ce. Ga layin, ga misalin da ke nuna shi, ga abin da ya fito, kuma ba a tambayi kowa ba tukuna wace ƙa'ida ce daidai. In ba haka ba zai zaɓi wadda ta yi masa, a rufe maganar, bayan wata uku a dawo da ita.

Nura:
Ku gafarce ni, ni ban ga abin dogon zance ba. Yau Laraba, kina da kwana biyu. Matsalar shiga sau biyu ai layi ɗaya ce: ki sa `UNIQUE` a kan `ref`. Wancan `except` ɗin ki goge shi. Ki gyara su da kanki ki tura, sai takardar ta koma layi biyu. Gyara ai ya fi bayanin gyara.

Hadiza:
Yaya Nura, ba kod ɗina ba ne, ni mai bita ce. Idan na shiga na gyara, wa zai bi nawa gyaran? Kuma ranar Litinin ba na nan balle in ga abin da ya haifar. Tambayata a kan abin da zan rubuta ce, ba yadda zan gyara ba.

Malam Sani:
Bari mu tsaya a kan shawarar Nura, domin ita ce ainihin abin da magajinki zai yi ranar farko idan takardar ta tsaya yadda take. Kowa ya ga "yana shiga sau biyu" hannunsa zai tafi ga `UNIQUE`. Hadiza, ki nuna mana wurin.

Hadiza:
Ga shi, na rage shi:

```python
for row in rows:
    try:
        p = parse(row)
        cur.execute("SELECT 1 FROM payments WHERE ref = %s", (p.ref,))
        if cur.fetchone() is None:
            insert_payment(cur, p)
    except Exception:
        continue
```

Yadda na tabbatar da shiga sau biyu: na buɗe taga biyu, na tayar da aikin a kan fayil ɗaya a lokaci guda a rumbun gwaji, layukan suka ninku. Shi kuma `except` ɗin, na haɗa fayil mai layi 1,000, na lalata kwanan wata a guda 3. Layi 997 suka shiga, aikin ya ce ya kammala lafiya, babu ko kalma ɗaya a log game da ukun da suka ɓace.

Malam Sani:
Madalla, waɗannan gwaje-gwajen biyu su ne zinariyar takardarki, kuma ba ki sa su a ciki ba. Ki rubuta su kamar yadda kika faɗa mana yanzu, ki haɗa masa da fayil ɗin mai layi 1,000. Yanzu tambaya ɗaya: a ina ake yin `commit()`? Bayan kowane layi, ko sau ɗaya a ƙarshen fayil?

Hadiza:
Ba ya cikin `loader.py`. Ina jin yana `db.py`, kuma yana cikin shidan da ban buɗe ba. Bari in duba.

Na duba. Sau ɗaya ne, bayan an gama fayil ɗin gaba ɗaya. Babu `SAVEPOINT` ko `rollback()` a tsakani.

Malam Sani:
To ga abin da zai faru idan aka bi shawarar Nura rabi, wato aka sa `UNIQUE` aka bar `except` ɗin zuwa gobe. A PostgreSQL, da zarar umarni ɗaya ya faɗi a cikin tiransakshan, duk tiransakshan ɗin ya lalace. Kowane umarni da ya biyo baya amsa ɗaya zai samu: `current transaction is aborted, commands ignored until end of transaction block`. A ce layi na 40 ya ci karo da `UNIQUE`. Kuskuren ya tashi, `except` ya haɗiye. Layi na 41 ya zo, `SELECT` ɗinsa ya faɗi, an haɗiye. Haka har layi na 1,000. A ƙarshe aka aika `COMMIT`, PostgreSQL ya mayar da shi `ROLLBACK`, har 39 ɗin farko suka tafi. Aikin zai ce ya kammala lafiya, kuma biyan dare guda babu ko ɗaya a rumbu.

Gwajinki na layi 3 bai nuna wannan ba saboda kuskuren kwanan wata a `parse` yake tashi, kafin a taɓa rumbun. Tiransakshan ɗin bai ji komai ba. Yau matsalar ita ce abu ya shiga sau biyu, wanda aƙalla ana iya ganinsa a goge. Bayan gyaran gaggawa matsalar za ta koma babu abin da ya shiga kuma babu wanda ya sani.

Ke kin jera su a matsayin ta biyu da ta uku, kamar ba su san juna ba. Abin da ke kanki wanda babu shi a kod ɗin shi ne cewa a ɗaure suke, kuma akwai wadda dole ta riga. A fara sa `except` ɗin ya yi magana, ya rubuta layin da ya faɗi da dalilinsa, ya bar kuskuren rumbu ya fito fili. Bayan haka a zo kan `UNIQUE`, tare da mayar da shigarwar ta zama `INSERT ... ON CONFLICT DO NOTHING` don karo ya daina zama kuskure.

Nura:
Na ce a goge `except` ɗin ma ai, ba a bar shi ba.

Malam Sani:
Ka faɗa, kuma da an yi su tare ba za a yi asarar a ɓoye ba. Amma idan an goge shi kawai, layi ɗaya mai gurɓataccen kwanan wata zai tsayar da aikin dare dungurungum, biya 999 masu kyau su kwana a waje saboda ɗaya. Wataƙila haka masu aikin suke so, wataƙila kuma a'a. Wanda ya sa `continue` ɗin nan wata matsala yake gudu, ko da hanyar da ya bi ba ta yi kyau ba. Sai an tambaye shi.

Bilkisu:
Ƙari a kan `UNIQUE` ɗin: ba zai ma hau ba idan akwai maimaici a teburin tun yanzu, PostgreSQL zai ƙi. Hadiza, tsohon kod ɗin da ke aiki a halin yanzu shi ma haka yake duba kafin ya shigar? Idan haka ne ki gudanar da wannan, ko ki ce masa ba ki gudanar ba:

```sql
SELECT ref, count(*) FROM payments
GROUP BY ref HAVING count(*) > 1;
```

Hadiza:
Haka yake, wannan ɓangaren daga tsohon aka kwafo shi. Ba ni da izinin shiga rumbun da ake aiki da shi, na gwaji kawai nake iya taɓawa. Zan rubuta masa umarnin in ce ban gudanar ba, da wanda zai nema don a gudanar. Amma kin tuna mini wani abu. A `parser.py`, idan gurbin `ref` ya zo babu komai, ana mayar da shi `None`.

Bilkisu:
To wannan wata ƙofa ce daban. `ref = NULL` ba ya taɓa zama gaskiya a SQL, saboda haka `SELECT` ɗin nan ba zai taɓa samun layin da ba shi da `ref` ba. Duk ranar da aka sake gudanar da fayil, ko ba a lokaci guda ba, waɗannan layukan za su sake shiga. Kuma `UNIQUE` ba zai tare su ba, don a wurinsa kowane `NULL` daban yake da ɗan'uwansa.

Aminu:
Daga PostgreSQL 15 akwai `NULLS NOT DISTINCT`, yana rufe wannan.

Bilkisu:
Akwai shi, amma ka duba abin da zai yi a nan. Zai yarda da layi ɗaya tak marar `ref` a duk teburin. Mutum biyu daban suka biya, dukansu babu `ref`, na biyun za a watsar da shi a matsayin maimaici. Tambayar ita ce me ya sa biya ke zuwa babu `ref`, kuma da me za a gane shi. Wannan ma ta masu turo fayil ɗin ce.

Usman:
Bari in ba ku nawa, don ni na taɓa zama a kujerar wanda ake miƙa wa. A wani wurin da na yi aiki, wanda ya gabace ni ya bar mini takarda mai shafi huɗu, aibu 23 ya jera da lamba. Wallahi ya yi ƙoƙari, ba zan zarge shi da lalaci ba. Amma sunan da bai yi masa daɗi ba, da layin da ya yi tsawo, da wurin da ake haɗa umarnin SQL da rubutun da mai amfani ya shigar, duk a jere suke da murya ɗaya. Na fara daga sama. Na kwashe mako ina gyara sunaye. Abin da ya kamata in fara da shi yana lamba 17, kuma sai da wani ya tsince shi daga waje na koma na ga ashe an gaya mini. Sannan guda 5 a ciki na ɓata kwana biyu ina nemansu ban same su ba, da na kira shi ya ce ai zato ne kawai ya yi. Tun daga ranar ra'ayina shi ne, abin da ba ka tabbatar ba kada ka rubuta. Hadiza, wannan "ina zargin lokaci" ki cire shi. Ko ki tabbatar, ko ki yi shiru.

Hadiza:
Abin da na gani shi ne `datetime.now()` babu yankin lokaci, ana zuba shi a gurbin da ban san nau'insa ba, don fayil ɗin da ke gina teburin yana cikin waɗanda ban buɗe ba. Idan saba tana kan UTC wataƙila babu komai. Ban gwada ba.

Malam Sani:
A nan ban bi Usman ba. Abin da ya cuce ka ba rubuta zato ba ne, rubuta shi da rigar tabbas ne. Abin da Hadiza ta faɗa yanzu jimla uku ne, kuma ya gaya wa magajinta layin da zai duba, fayil ɗin da amsar take, da sharaɗin da zai sa abin ya zama ba komai. Minti goma zai ɗauke shi. Idan ta yi shiru, shi zai karanta cewa ta gama `loader.py` layi-layi, ya ɗauka wannan layin ya tsallake siraɗi.

Usman:
Na ji Malam, amma mutum sabo ba ya iya watsar da zaton wanda ya riga shi. Ko an rubuta "zato" da manyan baƙaƙe zai bi shi. Ɗaya ba laifi. Idan suka kai biyar, sun cinye masa mako.

Malam Sani:
A kan yawa na yarda da kai. A kan cirewa gaba ɗaya ban yarda ba.

Bilkisu:
Ni damuwata daban ce. Takarda ana karanta ta sau ɗaya ne, ranar farko, sai ta nutse a cikin saƙonni. Abin da kika tabbatar, ki mayar da shi gwaji ya zauna a cikin kod ɗin. Wannan ba gyaran kod ɗin wani ba ne, ajiye shaida ce:

```python
@pytest.mark.xfail(strict=True, reason="ana jefar da layi ba a rubuta a log ba")
def test_bad_row_is_reported():
    ...
```

Kada ki yi amfani da `skip`, shi ba ya gudanar da gwajin sam. `xfail` yana gudanarwa yana sa ran faɗuwa, kuma da `strict=True`, ranar da wani ya gyara matsalar gwajin ya wuce, pytest zai ɗaga murya har sai an cire alamar. Na layi ukun nan da na `ref` marar komai suna da sauƙin rubutawa. Na tayar da aiki biyu lokaci guda ki bar shi a takarda, irin wannan gwajin yau ya faɗi gobe ya wuce, zai dami mutane a banza. Na taƙaita adadi kuma ba za ki iya rubuta shi ba tukuna, tunda ba a san amsar da ake jira ba.

Hadiza:
Zan rubuta biyun gobe in sha Allah, a reshe daban, in bar wa mai kod ya ɗauka. Ga yadda farkon takardar ya koma:

"Ban gama bitar nan ba, kuma ban amince a haɗe ba. Na yi karatu a kan tag `bita-hadiza`. Na karanta layi-layi: `loader.py`, `parser.py`, `money.py`, `cli.py` da fayilolin gwaji biyu. `config.py` da `errors.py` na leƙa ne kawai, ka ɗauke su kamar ba a duba ba. A `db.py` na nemi inda ake `commit()` na gani, ban karanta sauran ba. Ragowar biyar ban buɗe ba, ban san komai a kansu ba, sunayensu na ƙasa.

Kafin ka taɓa komai: kada a sa `UNIQUE` a kan `ref` muddin `except Exception: continue` yana nan a `loader.py`. Fayil ɗin gaba ɗaya a tiransakshan ɗaya yake shiga, karo ɗaya zai zubar da na daren duka kuma aikin ya ce lafiya. Wannan daga karatun kod na fahimce shi, ban gwada shi ba."

Daga nan sai matsalolin, kowace da layinta, da yadda na tayar da ita, da wanda ya kamata a tambaya. Zargin lokaci na bar shi a ƙasa shi kaɗai, na rubuta cewa zato ne. Yaya Usman ka yi haƙuri, ɗaya ne tak.

Malam Sani:
Jimlar "ban gwada shi ba" ta yi kyau, amma kina da rumbun gwaji da yini guda. Ki sa `UNIQUE` ɗin a can. Fayil mai `ref` iri ɗaya sau biyu ba zai tayar da shi ba, don `SELECT` zai ga na farkon a cikin tiransakshan ɗinsa ya tsallake. Sai kin tayar da aiki biyu tare kamar yadda kika yi da farko, da fayiloli biyu da suka haɗu a layi ɗaya kawai, sannan ki ƙirga abin da ya shiga daga kowanne. Idan na ɗaya ya ɓace gaba ɗaya, ki sa adadin a takardar. Idan bai ɓace ba, to akwai abin da ba mu gani ba a `db.py`, kuma wannan ma labari ne da ya kamata ya ji.

Hadiza:
Zan yi da safe. Saura abu ɗaya. Sharhin nan 9 da zan tura, da wane matsayi zan tura su? Idan na zaɓi `Request changes`, a tsarinmu ba za a iya haɗewa ba sai na dawo na amince ko wani mai izini ya soke bitar tawa, ni kuma na bar sashen. Idan na zaɓi `Comment`, babu abin da zai hana wani ya amince a haɗe ranar Litinin.

Aminu:
`Comment`. Bai kamata wanda ya tafi ya bar ƙofa a kulle ya tafi da makulli ba. Kin rubuta komai a takarda, hukunci ya koma hannun wanda ya karɓa.

Bilkisu:
Ni `Request changes` zan sa. Takardar mutum ɗaya zai karanta, maɓallin haɗewa kuwa duk mai izini yana ganinsa. Ba kamfanin ta bari ba, sashe ta canza, saƙo ɗaya zai same ta. Ta rubuta a cikin bitar cewa idan magajinta ya gama nasa karatun, a soke tata ba sai an jira ta ba.

Aminu:
Idan kowa zai iya sokewa, me kullewar ta tsare?

Bilkisu:
Ta tsare cewa sai mutum ya tsaya ya rubuta dalilin sokewa da sunansa. Wanda ya kai ga haka ya karanta sharhin.

Hadiza:
Ban yanke ba tukuna. Zan tambayi shugaban sashenmu gobe wa ke da izinin sokewa a wurinmu, don idan shi kaɗai ne kuma yana tafiya, maganar Aminu ta fi ƙarfi. Gwajin aiki biyun zan fara yi, in kawo muku adadin da ya fito.